Riba Biyu a Kan Takardar Lamuni Ɗaya: Wacce Za a Yarda Da Ita?

Dillalin hannun jari zai iya nuna maka takardar lamunin wani kamfani, a gefenta an rubuta riba iri biyu. Ɗaya a ƙarƙashin haruffan YTM, ta nuna kusan kashi 16 cikin ɗari. Ɗayar a ƙarƙashin YTC, ta nuna kashi 12. Takarda ɗaya ce, farashinta ɗaya, kuma babu lissafin da aka yi kuskure a cikinsa. Abin da ya raba su shi ne ranar da aka ɗauka za a maido maka da uwar kuɗinka, kuma a irin wannan takarda ba kai ne mai tsayar da ranar ba.

A takardar lamuni ta yau da kullum, kamfani ko gwamnati na karɓar bashi daga jama'a, a riƙa biyan kuɗin ruwa kayyadadde duk shekara ko duk wata shida, idan wa'adi ya cika a maido da uwar kuɗi. Amma akwai takardun da ake saka wa wani sharaɗi: bayan wasu shekaru da aka ambata, wanda ya ci bashin yana da ikon fanshe takardarsa, wato ya biya uwar kuɗin tun wa'adi bai yi ba, ya daina biyan ruwa. Abin ya yi kama da jinginar gona. Kai ne ke nomawa kana cin amfani, amma ranar da mai gonar ya kawo kuɗinka dole ka tashi, kuma ba ya zuwa sai lokacin da karɓar gonar ta fi masa amfani. Ribar da ake lissafawa zuwa cikar wa'adi ita ce YTM. Wadda ake lissafawa zuwa ranar da aka yarda a fanshe ita ce YTC.

Bari mu ƙaddara wani kamfani ya fitar da takarda mai darajar naira 1,000, yana biyan naira 180 duk shekara, wato kashi 18 cikin ɗari. Saura shekara 10 wa'adinta ya cika, amma yana da ikon fansa nan da shekara 2, a kan naira 1,000. Tun bayan fitar da ita kuɗin ruwa ya sauka a kasuwa, don haka ta yi tsada, yau ana sayar da ita naira 1,100.

Ka saya da ƙarin naira 100 a kan abin da za a maido maka, kuma wannan ɗarin ta tafi ko ta wace hanya. Tambayar ita ce cikin shekara nawa za a shanye asararta. Idan takardar ta kai wa'adi, za ka karɓi naira 180 har sau goma, ɗarin ta narke a cikinsu, ribarka ta tsaya a kashi 15.9 a shekara. Idan kuwa aka fanshe bayan shekara 2, naira 180 sau biyu kawai za ka gani, wato 360, ka cire ɗarin, saura 260. Raba shi gida biyu, naira 130 ke nan a shekara a kan jarin 1,100, abin da ya kama kusan kashi 12. Mai kwamfuta zai iya tabbatarwa a manhajar Excel:

```
=RATE(10,180,-1100,1000)
=RATE(2,180,-1100,1000)
```

Na farko zai ba da wajen 15.9, na biyu wajen 12.1. Adadin farko a cikin bakan shekaru ne, na biyu kuɗin ruwan shekara, na uku farashin da ka biya, na ƙarshe abin da za a maido maka.

To wanne ne zai faru? Hanya mafi sauƙi ita ce ka zauna a kujerar shugaban sashen kuɗi na kamfanin. A ce bashin gaba ɗaya naira biliyan 10 ne. Yana biyan biliyan 1.8 duk shekara. Idan zai iya samun sabon bashi a kashi 12, biliyan 1.2 zai riƙa biya, ya rage wa kamfaninsa miliyan 600 kowace shekara har tsawon shekara 8. Babu wanda zai bar wannan ya wuce shi, ko da an cire kuɗin lauyoyi da na bankin da zai shirya sabon bashin. Zai fanshe. Kashi 15.9 da aka rubuta maka riba ce ta wata rayuwa da ba za a bari takardar ta yi ba.

Kuma ciwon bai tsaya nan ba. Kuɗinka zai dawo hannunka daidai lokacin da ba ka son sa, domin abin da ya sa kamfanin ya fanshe, wato saukar kuɗin ruwa, shi ne kuma zai hana ka samun wata takarda mai biyan 18. Dole ka sake zuba shi a kan abin da kasuwa ke bayarwa a ranar. Wannan ya faru da takardun gwamnatin Amurka kanta. A watan Nuwamba na 1984 Baitulmalin ƙasar ya sayar da takardar shekara 30 mai biyan kashi 11.75, wa'adinta 2014, da sharaɗin fansa daga 2009. Da 2009 ta zo, gwamnatin na iya cin bashin shekara 5 a ƙasa da kashi 3, sai ta fanshe a damar farko. Wanda ya yi tsarin rayuwarsa a kan zai ci gaba da karɓar 11.75 har 2014 ya rasa shekara 5 na wannan kuɗi.

Yanzu mu juya lamarin. A ce kuɗin ruwa hawa ya yi, takardar nan ta faɗi zuwa naira 900. Lissafi zai nuna YTM kashi 20.4, YTC kuwa kusan 25, saboda idan aka fanshe da wuri, rangwamen naira 100 da ka samu zai shigo aljihunka cikin shekara 2 kacal. Ashirin da biyar ɗin na da daɗin gani, sai dai ba za ta zo ba. Me zai sa kamfani ya biya bashin da yake ba shi ruwa 18 alhali sabon bashi ya haura 20? Zai riƙe abinsa har ƙarshe, kai kuma ka zauna da takardar shekara 10.

A duka halin biyu, adadin da ya fi ƙanƙanta shi ne ya fi kusa da gaskiya, kuma ba dace ba ne. Zaɓin yana hannun mai cin bashi, duk abin da ya rage masa kuwa daga ribarka aka rage. Shi ya sa 'yan kasuwar ke da ma'auni na uku da suke rubutawa YTW, wato riba mafi muni: a lissafa ribar cikar wa'adi da ta kowace ranar fansa, a ɗauki mafi ƙanƙanta. A kasuwar takardun jihohi da ƙananan hukumomi ta Amurka, inda sharaɗin fansa bayan shekara 10 ya zama ruwan dare, ƙa'ida ta tilasta wa dillali ya rubuta wa mai saye wannan ƙaramin adadin a takardar shaidar ciniki. A ganina duk inda doka ba ta tilasta ba, mai saye ne ya kamata ya tilasta. Idan farashi ya haura kuɗin fansa, YTC za ka duba. Idan yana ƙasa da darajar takardar, YTM.

Akwai alamar da ke tona asirin irin wannan takarda tun kafin a buɗe kundin sharuɗɗanta. Idan ruwan kasuwa kashi 12 ne, takardar da ke biyan 180 har shekara 10 ba tare da sharaɗin fansa ba za ta kai wajen naira 1,339. Tamu ta maƙale a 1,100, domin babu mai hankalin da zai biya 1,339 a kan abin da za a iya karɓe masa a 1,000 nan da shekara 2. Saboda haka idan ka ga takardar kamfani mai lafiya tana nuna YTM da ya ɗara na takwarorinta nesa ba kusa ba, ba garaɓasa ka tsinta ba. Kasuwa ta riga ta sa mata farashin takardar shekara 2, kai ne kaɗai ke kallonta a matsayin ta shekara 10.

Sai dai kada a ɗauki ƙaramin adadin tamkar alkawari. Na farko, bai san komai game da karyewar kamfani ba. Idan aka kasa biya, duk lissafin ya rushe. Na biyu, hoton yau ne kawai. Takardar da ake sayarwa 1,010 yau, idan ruwa ya ɗan hau ta koma 980, ta tashi daga takardar shekara 2 ta zama ta shekara 10, kuma doguwar takarda ta fi gajeriya saurin faɗuwa idan ruwa ya ci gaba da hawa. Na kusa da kuɗin fansa su ne masu wuyar sha'ani.

Na uku shi ne ya fi ba ni sha'awa, domin ya kama har ƙwararru. Ba ruwan kasuwa gaba ɗaya ke sa a fanshe ba, abin da wannan kamfanin zai biya idan ya nemi sabon bashi ne. A Turai an daɗe da al'adar cewa bankuna na fanshe wasu takardunsu a ranar farko, har masu saye suka saba lissafa YTC kawai, kamar ranar fansa ce wa'adi. A watan Disamba na 2008, ana tsakiyar rikicin kuɗi na duniya, Deutsche Bank ya sanar cewa ba zai fanshe wata takardarsa ta yuro biliyan 1 ba, domin riƙe ta ya fi sabon bashi arha. Bankin Santander na Sifaniya ya yi irin haka a Fabrairun 2019 da takardar yuro biliyan 1.5. Babu wanda ya karya yarjejeniya a cikinsu. Al'ada ce masu saye suka ɗauka doka. A Najeriya kuwa First Bank ya bi ɗaya hanyar: takardarsa ta dala miliyan 300 mai wa'adin 2020 ya fanshe ta a 2018, ta dala miliyan 450 mai wa'adin 2021 ya fanshe ta a 2019. Takardu masu kama da juna, hukunci daban, gwargwadon halin da kowane banki ke ciki a ranar.

Duk wannan yana rubuce a kundin sharuɗɗan da ake fitarwa tare da takardar, kuma mai sayen sukuk ma ya duba ko akwai sharaɗin biya da wuri, domin lissafin bai canza ba. A nemi ranar fansa ta farko, da ko akwai wasu bayanta, da kuɗin da za a biya a kowace. Wasu takardun kan fara da ƙari, misali 1,050, ya riƙa sauka duk shekara har ya koma 1,000, kuma a irin wannan ba lallai ranar farko ce mafi muni ba, sai an lissafa kowace ɗaya. A tamu, da kuɗin fansar 1,050 ne, YTC zai tashi daga 12 zuwa kusan 14. Bayan haka sai a tambayi dillali nawa kamfanin nan zai biya idan ya fito neman bashi yau. Idan amsar ta yi ƙasa sosai da kashi 18 da yake biya, ka yi lissafinka a kan shekara 2, ka kuma fara tunanin inda za ka sa kuɗin idan ya dawo.