Hoto mai motsi na daƙiƙa takwas: yadda ake tsamo shi daga bidiyon allon waya

Duk wanda ya taɓa rubuta wa ma'aikata jagorar amfani da wata manhaja ya san inda rubutu yake gajiya. Ka rubuta "ja jerin sunayen zuwa sama, ka danna na uku, ka jira alamar ta fito", amma mai karatu yana Wara ko Shanga, kai kana Yelwa, ba ka ganin inda yatsansa ya sauka. Hoto mai motsi irin na GIF yana cike wannan giɓi: yana zaune a tsakiyar rubutun, yana nuna motsin, ya koma farko ya sake, ba tare da an danna komai ba.

A ce kai ne ke kula da matasan da ke ƙidayar kifin da masunta suka kawo bakin ruwa a gaɓar Tafkin Kainji, suna cike fom a manhajar KoboCollect. Yawancinsu a wuri guda suke tuntuɓe, wato wajen aika fom ɗin da aka kammala. Ka ɗauki bidiyon allon wayarka kana yin aikin, ka mayar da shi GIF, sai ka tarar fayil ɗin ya ninka bidiyon nauyi sau da yawa. Wannan ba kuskuren manhaja ba ne, haka tsarin yake. Kamfanin CompuServe ne ya fito da GIF a 1987, aka ƙara masa damar tsara lokacin kowane hoto a 1989, sannan Netscape ya kawo maimaitawa babu iyaka a 1995. Bidiyon zamani yana lura da yadda abu ya gusa daga wani wuri zuwa wani, ya adana bayanin gusawar kawai. GIF bai iya wannan ba. Duk ɗigon da ya canza sai an sake zana shi, kuma kowane hoto a cikinsa ba ya wuce launi 256. Saboda haka aikin duka na ragewa ne, musamman ga mai karatun da ke sayen data ta kwana guda, a inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa.

Lissafin ba shi da wuya. Wayoyin Tecno da Itel da yawa allonsu ɗigo 720 ne a faɗi, 1600 a tsawo, wato ɗigo 1,152,000 a hoto guda. Idan bidiyon yana ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa, to daƙiƙa takwas hoto 240 ke nan, ɗigo sama da miliyan 276. Yanzu ka mayar da faɗin 360, tsawon ya koma 800, ka kuma sauke hotunan zuwa 10 a daƙiƙa. Abin da ya saura hoto 80 ne, ɗigo kusan miliyan 23. Kayan sun ragu ninki 12, kuma mai kallo bai rasa komai ba, domin yatsa mai danna maɓalli ba wasan ƙwallo ba ne. Akwai wani dalili kuma na zaɓen 10: GIF yana auna lokacin kowane hoto da kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, don haka 10 ko 20 ko 25 suna raba ɗarin daidai, amma 30 ba ya rabawa.

Manhajar FFmpeg, wadda Fabrice Bellard ya fara a shekarar 2000, kyauta ce, kuma tana yin wannan duka da umarni guda, a kwamfuta ko a wayar Android ta cikin Termux:

```
ffmpeg -ss 4 -t 8 -i allo.mp4 -vf "fps=10,scale=360:-1:flags=lanczos,split[a][b];[a]palettegen=max_colors=64[p];[b][p]paletteuse=dither=none" -loop 0 -final_delay 200 aika-fom.gif
```

Farkon umarnin yana cewa a tsallake daƙiƙa huɗu na farko, lokacin da kake rufe mai ɗaukar bidiyon, a ɗebi takwas da ke biye. Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne `palettegen`. Idan ba ka sa shi ba, FFmpeg zai yi amfani da wasu launuka na gama-gari waɗanda ba su san allonka ba, sai ka ga farin shafi ya yi tsatsa-tsatsa, gefen haruffa ya yi datti. Da shi kuwa, manhajar za ta fara duba hotunan duka ta zaɓi launukan da suke ciki da gaske, sannan `paletteuse` ya zana da su. Allon fom fari ne da baƙin rubutu da maɓalli mai launi ɗaya ko biyu, launi 64 ya ishe shi har da ragowa.

Sai `dither=none`. A bisa al'ada manhajar tana yayyafa ɗigogi masu launi daban-daban don ta yaudari ido ya ga launin da babu shi. Wannan yana da kyau ga hoton mutum ko na ruwa, amma ga allon manhaja asara ce, domin dabarar matse GIF tana cin riba ne idan ta sami dogon layi na launi iri ɗaya, yayyafin kuma yana kakkarya layin. Idan a cikin fom ɗin akwai hoton kifi, kuma ka ga launinsa ya rabu zobe-zobe, nan ne za ka cire wannan umarni ka ƙara launukan zuwa 128. Shi kuwa `-final_delay 200` yana tsayar da hoto na ƙarshe daƙiƙa biyu. A ganina wannan ɗan tsayin ya fi duk sauran gyare-gyare amfani, domin idan babu shi mai kallo ba ya gane inda aikin ya ƙare da inda ya soma.

Rabin kyawun aikin tun wajen ɗauka ake samun sa. Daga Android 11 wayar tana zuwa da mai ɗaukar allo nata, kuma tana da zaɓin nuna inda yatsa ya taɓa. Ka kunna shi, in ba haka ba shafuka za su riƙa canzawa ba a ga abin da ya canza su ba. Ka guji jan shafi sama da ƙasa ba gaira ba dalili, domin a lokacin ne kusan duk ɗigogin allo ke canzawa, nauyin fayil ya yi tsalle. Ka kuma kashe sanarwar saƙonni, ka cike fom ɗin da sunan ƙarya. Lambar wayar masunci da ta gifta sau ɗaya a bidiyo, a GIF za ta yi ta giftawa ne muddin shafin yana buɗe. Wannan ma dalili ne na yin hattara da shafukan intanet masu juya bidiyo kyauta, tunda sai ka ɗora musu bidiyon gaba ɗaya.

Kafin ka sa GIF ɗin a jagorar, buɗe shi a ƙaramar waya ka karanta rubutun da ke kan maɓallin. Idan bai karantu ba, kada ka mayar da faɗin 720. Yanke saman allon da ƙasansa da gefunansa da `crop` kafin a rage girman, ka bar wurin da aikin yake kawai. Idan kuma aikin ya wuce daƙiƙa goma, raba shi biyu, domin GIF ba shi da murya, kuma mai kallo ba zai iya tsayar da shi ko ya koma baya ba.

Abu na ƙarshe da ke kayar da mutane shi ne inda jagorar za ta zauna. GIF yana motsi a shafin intanet da Google Docs da PowerPoint, amma da zarar an mayar da takardar PDF, ko aka kai ta shagon buga takardu a Yelwa, hoto guda ne zai saura a tsaye, yawanci na farko. Don haka ka fara ɗaukar daga shafin da yake da ma'ana ko da bai motsa ba, ka kuma rubuta matakan ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashinsa, da sunan kowane maɓalli kamar yadda yake a allon.