Tazarar amincewa ta kaso

Tazarar amincewa ta kaso hanya ce a ilimin ƙididdiga da ake amfani da ita wajen ƙiyasta iyaka ta ƙasa da ta sama da ainihin kaso zai iya faɗawa tsakaninsu, idan mutane kaɗan aka tambaya daga cikin jama'a mai yawa. Masanin lissafi Jerzy Neyman ne ya shimfiɗa ka'idar tazarar amincewa a shekarar 1937.

Yadda ake lissafi

A ɗauka wata makarantar sakandare a yankin Funtua da Malumfashi, a kudancin jihar Katsina, tana son sanin ko fiye da rabin ɗalibanta suna fashin zuwa aji lokacin girbin masara da tsinkar auduga, domin ta san ko za ta ɗage gwaji. An zaɓi ɗalibai 40 ta hanyar ƙuri'a daga rajista, 28 suka ce sun yi fashi. Kason da aka samu shi ne p = 28/40 = 0.7, wato 70%.

Da an zaɓi wasu 40 ɗin daban, da adadin ya ɗan canza. Ana auna wannan canji da √(p(1 − p)/n), inda n yake nufin yawan waɗanda aka tambaya. A nan √(0.7 × 0.3/40) ya ba da 0.0725. Don samun amincewa ta 95%, sai a ninka shi da 1.96, a sami 0.142. Idan aka debe wannan daga 0.7, aka kuma ƙara shi a kai, tazarar ta kama daga 56% zuwa 84%. Tana da faɗi ƙwarai, amma ko iyakarta ta ƙasa ta haura rabi, don haka ta amsa tambayar makarantar. Kafin faɗin ya ragu da rabi sai an tambayi ɗalibai 160.

Ma'anar 95% ita ce, da za a yi ta maimaita zaɓen, kimanin tazara 95 cikin kowace 100 za su ƙunshi ainihin kason.

Inda hanyar take gazawa

Lissafin yana ɓaci idan kason ya kusa 0 ko 100%. Da ɗalibai 38 ne suka amsa da e, iyakar sama za ta kai kusan 102%, abin da ba zai yiwu ba. Shi ya sa ake so masu e da masu a'a kowanne ya kai kamar goma. In ba su kai ba, ana komawa ga hanyar Edwin Wilson ta 1927, ko gyaran da Agresti da Coull suka kawo a 1998: a ƙara e biyu da a'a biyu. Sai 38/40 ya koma 40/44, tazarar ta zama 82% zuwa 99%.

Babu gyaran da zai magance mummunan zaɓe. Idan a tsakiyar kaka aka shiga aji aka tambayi waɗanda suka zo kawai, masu fashin suna gona, kuma kason zai fito ƙasa da gaskiya ko ɗalibai nawa aka tambaya.