Wasiƙar Sakataren Kwamitin Masallaci Zuwa Ga Mai Tsara Shafin Intanet

Idan kwamitin masallaci ya zauna ya amince a buɗe wa jama'ar unguwa shafin intanet, sakatare ne ke ɗaukar alƙalami ya rubuta wa mai tsara shafuka yana neman ƙiyasin kuɗin aikin. Wannan wasiƙa ba ta ɗora wa kwamiti biyan ko kwabo, domin tambaya ce kawai. Amma a kanta ake gina farashi, kuma ita za a ɗauko ranar da aka sami saɓani a kan abin da aka yi alkawari. Sakataren da ya rubuta layi biyu yana cewa masallaci na son shafi, nawa ne kuɗinsa, zai sami amsar da ba za ta yi wa ma'aji amfani ba, domin kowane ma'aikaci zai cike giɓin da nasa zato.

Wasiƙar kan fita a kan takarda mai ɗauke da sunan masallaci, da kwanan wata na Miladiyya da na Hijira, ko da ta imel ko WhatsApp za a aika hotonta. Bayan sallama sai sakatare ya gabatar da masallacin a taƙaice: na Juma'a ne ko na khamsu salawati, yana da makarantar Islamiyya ko babu, kuma wane zama ne na kwamiti ya ba shi izinin rubutawa. Wannan na ƙarshe yana nuna wa ma'aikacin cewa da kwamiti yake magana, ba da mutum guda mai sha'awa ba. Misalin buɗewa shi ne:

"Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malam, bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne da yawun kwamitin masallacin Juma'a na unguwarmu. Kwamiti ya amince a zamansa na ƙarshe a buɗe shafin da jama'a za su riƙa duba lokutan salla da sanarwa, su kuma saurari karatun malamai. Muna roƙon ka aiko mana da ƙiyasin kuɗin aikin a rubuce, bisa bayanin da ke ƙasa, kafin ƙarshen wannan wata."

Wannan bayanin aiki da misalin ya ambata shi ne zuciyar wasiƙar, kuma a nan ne sakatare ya kamata ya daɗe. Lokutan salla su ne abin da kowa ke fara ambata, su ne kuma aka fi yin kuskure a kansu. Mai tsara shafi zai iya ɗora manhajar da ke lissafa shigar lokaci daga matsayin rana a garin, aikin da ba ya ɗaukar sa minti talatin. Sai dai jama'a ba shigar lokaci suke nema ba, lokacin tayar da iƙama a masallacinsu suke nema, wanda liman da kwamiti ke tsayarwa. Azahar na iya shiga kafin ƙarfe ɗaya, masallaci kuwa ya saba tayar da salla ƙarfe biyu. Don haka wasiƙa ta faɗa ƙarara cewa ana son jadawalin da ɗan kwamiti zai iya gyarawa da hannunsa ta waya. Haka kwanan watan Hijira. Manhajoji da yawa suna bin kalandar lissafi ta Saudiyya, alhali a Najeriya sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi ake bi, kuma sau da yawa akan sami bambancin kwana guda. Idan ba a nemi hanyar ƙara kwana ko rage shi ba, shafin masallaci zai iya nuna ɗaya ga Shawwal alhali jama'a na azumi.

Karatun malamai shi ne abin da ya fi taɓa farashi, saboda sauti yana cin wuri. Karatun awa guda da aka ajiye a tsarin MP3 a kan 64 kbps, wanda ya wadatar ga muryar mutum, yana kai kusan megabait 29. Tafsirin azumi na dare talatin, awa guda kowane dare, ya doshi megabait 870 ke nan, kuma idan aka ɗauka a kan 128 kbps adadin ya ninka. A ƙara huɗubar kowace Juma'a da karatun tsakanin magariba da isha'i, sai a ga cewa ƙaramin wurin ajiya zai cika cikin shekara ɗaya ko biyu. Sakataren da ya rubuta cewa ana sa ran awa kaza na karatu a shekara, kuma akwai tsofaffin karatuttuka kaza da ake son ɗorawa tun farko, ya ba ma'aikacin abin lissafi. Daga nan zai iya ba da shawara ko a sayi wuri mai faɗi, ko a ajiye karatun a YouTube a matsayin bidiyo a jawo shi cikin shafin. Hanya ta biyu ta fi sauƙin kuɗi, amma tana iya kawo tallan da kwamiti ba zai so a gani a gefen tafsiri ba, kuma wannan hukunci ne na kwamiti, ba na ma'aikaci ba.

Sai harshe. Shafin Hausa yana buƙatar rubutun da ke fitar da ɓ da ɗ da ƙ daidai, domin wasu nau'o'in haruffa masu kyan gani ba su da su, sai mai karatu ya ga ɗan akwati a tsakiyar kalma. Ayoyi da hadisai kuma suna buƙatar rubutun Larabci mai tafiya daga dama zuwa hagu da wasulla a mazauninsu. Yana da kyau wasiƙa ta nemi a gwada duka biyun a ƙaramar wayar Android kafin a karɓi aiki, tun da da irinta mafi yawan jama'a za su buɗe shafin, da data ta sayen kullum. Idan ana son shafin da Hausa da Turanci, a faɗa, a kuma faɗi wanda zai yi fassara, domin harshe biyu kusan aiki biyu ne.

Maganar karɓar gudummawa tana da mataki biyu masu nisa a tsakani. Rubuta lambar asusun masallaci a shafi ba ya ƙara kuɗin aiki. Karɓar kuɗi da kati ta kamfanoni irin su Paystack ko Flutterwave kuwa yana buƙatar haɗa shafin da su, suna cirar kaso a kowane biya, kuma sukan nemi takardar rajista da asusun banki mai sunan ƙungiya. Masallatai a Najeriya suna yin rajista da hukumar CAC ne a matsayin amintattu, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Idan masallaci bai yi ba tukuna, gara sakatare ya faɗa, a bar wannan sashe zuwa gaba. Abin da bai dace ba ko kaɗan shi ne a haɗa shafin da asusun ɗan kwamiti don a yi sauri. Jerin sunayen marayu da masu karɓar zakka ma ba abin ɗorawa ba ne. Ban da kare mutuncinsu, akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023 da ta shafi duk mai tara irin waɗannan bayanai.

Bayan bayanin aiki sai yadda ake son ƙiyasin ya zo. Wasiƙa mai kyau takan nemi a raba kuɗi gida biyu: wanda ake biya sau ɗaya na tsarawa da ginawa, da wanda ake biya kowace shekara. Na shekara ya ƙunshi sabunta sunan shafin, kuɗin wurin ajiya, da kula da shi. Suna mai ƙarewa da .org.ng yana ƙarƙashin ƙungiyar NiRA mai kula da sunayen .ng, ana sayen sa da naira ta hannun dillalan da ta amince da su. Wurin ajiya na ƙasashen waje kuwa farashinsa na bin dala, don haka a tambayi da wane kuɗi za a riƙa sabuntawa. Takardar tsaro da ke sa adireshi ya fara da https ana samun ta kyauta daga Let's Encrypt, saboda haka idan ta fito da kuɗi mai kauri a ƙiyasi, akwai dalilin tambaya.

Amfanin wannan rabo yana fitowa idan aka ɗauki misali. A ce an aika wasiƙa iri ɗaya ga mutum biyu. Na farko ya ce naira 200,000 dunƙule. Na biyu ya ce naira 350,000, ya rarraba: gini kaza, suna da wurin ajiya na shekarar farko kaza, koya wa 'yan kwamiti biyu yadda ake saka sanarwa, gyara kyauta na wata uku, sannan naira 60,000 kowace shekara daga baya. A zaman kwamiti hankali zai karkata ga na farko. Amma ma'aji mai lura zai tambaya ko akwai wurin ajiya a ciki, da kuma wa zai canza lokacin asuba idan sanyi ya shigo. Idan amsar ita ce duk canji sai an kira shi an biya, to mai arahar na iya zarce ɗayan tsada kafin shekara biyu. Ƙiyasin da bai rarraba ba, a mayar da shi a nemi a rarraba. Ma'aikacin kirki ba ya jin haushin haka.

Akwai sakin layi guda da bai kamata wasiƙar ta rasa ba, wato na mallaka. Sunan shafi haya ne kamar ta shago, wanda sunansa ke kan takarda shi ne mai shi. Masu tsara shafuka da yawa sukan yi rajista da sunansu da imel ɗinsu saboda sauƙi, ba don mugun nufi ba. Sai shekara ta zagayo, saƙon tunatarwa ya tafi wurin mutumin da ya koma wani gari ko ya canza lamba, shafi ya mutu, wani lokaci ma wani ya saye sunan. Saboda haka sakatare ya rubuta cewa za a yi rajista da sunan masallaci da imel na kwamiti, kuma za a miƙa dukkan kalmomin sirri, na sunan shafi da na wurin ajiya da na WordPress idan da shi aka yi aikin, kafin a biya kashi na ƙarshe na kuɗin aikin. Wannan sharaɗi ya fi zama dole idan ma'aikacin ɗan unguwa ne da ya ce zai yi fi sabilillahi. Aikin sadaka yana da wuyar tuhuma, kunya kan hana a tambayi wa'adi, don haka a karɓi kyautarsa da godiya, a kuma rubuta kuɗin shekara da sunan mai biya kamar yadda za a yi da baƙo.

A ƙarshen wasiƙa ana neman abubuwa kaɗan: adireshin shafuka biyu ko uku da ya taɓa yi don kwamiti ya duba da kansa, tsawon lokacin da aikin zai ɗauka, yadda yake son a raba biya, ko harajin VAT na cikin farashin, da kwanakin da ƙiyasin zai yi yana aiki kafin farashi ya canza. Idan ana son shafin ya fara aiki kafin azumi, a rubuta ranar, kuma a aika wasiƙar tun watan Rajab ko kafin nan, domin tattara hotuna da tarihin masallaci da jadawali daga hannun 'yan kwamiti yakan fi ginin kansa jinkiri. A kuma ambaci mutum ɗaya da ma'aikacin zai riƙa tuntuɓa, don kada umarni ya riƙa zuwa masa daga bakuna biyar. Sakatare ya sa hannu, shugaban kwamiti ya sa nasa, a buga hatimi, a ajiye kwafi a fayil ɗin masallaci tare da bayanin zaman da aka yanke shawarar.