Amsar Wasiƙunku: Bayan An Daina Maganin Tazarar Haihuwa, Yaushe Ciki Kan Samu?

Wasiƙar wannan mako ta zo mana ne daga wani manomi kuma mai sayar da hatsi a wajajen Ɓagwai. Ya ce maiɗakinsa ta yi shekara biyu tana karɓar allurar wata uku, ta ƙarshe an yi mata ita a watan Janairu. Da lokacin wata allurar ya zo a Afrilu sai suka yi shawara ta bari, don suna so a yi wa ɗansu ƙane. Ga shi an shiga Agusta, babu ciki, ko al'ada ma ba ta gani ba. Mahaifiyarsa ta fara cewa allura ta ƙone mahaifar yarinya, shi kuma hankalinsa ya tashi.

To Malam, ka kwantar da hankalinka, ka kuma kwantar da na Inna. Allura ba ta ƙone mahaifa. Abin da kuke gani halinta ne da aka sani, kuma ya kamata a ce an gaya muku tun ranar farko. Cikin hanyoyin nan uku da aka fi sani, wato ƙwaya da allura da ashanar fata da ake sa wa a dantse, allura ce kaɗai take da jinkirin sakin jiki.

Dalili kuwa shi ne, duk aikinsu kusan ɗaya ne: suna hana ƙwan mace fitowa kowane wata, in ba ƙwai kuwa ba ciki. Bambancin yana wajen yadda maganin yake barin jiki. Ƙwaya kullum ake sha, domin ƙarfinta ba ya wuce kwana ɗaya zuwa biyu. Ita kuwa allurar wata uku, wadda ake kira Depo-Provera, ajiye ta ake yi cikin tsoka tana narkewa a hankali. Kai manomi ne, ka san takin shanu: ka zuba shi bana, amma baɗi ma gona ba ta gama cin sa ba. Wata ukun da aka ce, shi ne lokacin da aka tabbatar maganin zai tsare mace. Saurarsa na iya kai wasu watanni a jiki kafin ya ƙare sarai.

Yanzu mu yi lissafi da watanninku. Ba daga Afrilu za ka fara ƙirga ba, daga Janairu za ka fara, ranar allurar ƙarshe. Masana kiwon lafiya sun nuna cewa matan da suka bar wannan allura, a tsaka-tsaki sukan sami ciki ne wajen wata 10 bayan allurar ƙarshe. Wata 10 daga Janairu ya kai mu Nuwamba, lokacin kaka ke nan. Ku kuwa yanzu wata 7 kawai kuka yi, ko tsakiyar hanya da ake zato ba ku kai ba. Kuma ka lura da kalmar tsaka-tsaki. Wasu matan suna riga wannan lokaci, wasu kuma sai sun wuce shi, har akwai masu kaiwa wata 18. A lissafinku, Yulin baɗi ke nan. Ba daɗi jiran, na sani, musamman in ana yi wa mace gori a tsakar gida, amma ba ciwo ba ne.

Shekara biyun da ta yi tana karɓa ba su ƙara mata jinkiri ba. Wadda ta yi allura sau biyu da wadda ta yi sau goma, jiran nasu ɗaya ne, domin allurar ƙarshe ce ake jira ta ƙare. Haka kuma wadda ake kira Sayana Press, da wasu mata kan yi wa kansu a ƙarƙashin fata, maganin iri ɗaya ne, jinkirin ma haka. Allurar wata biyu, Noristerat, ta fi saurin saki, ita wajen wata 6 ne daga allurar ƙarshe.

Game da al'adar da ta ɗauke, wasu na cewa jini ne ya taru a mara. Ba haka ba ne. Kowane wata mahaifa kan yi shimfiɗa don tarbar ciki, in cikin bai zo ba sai shimfiɗar ta zube, ita ce al'ada. Allura tana hana yin shimfiɗar mai kauri, saboda haka babu abin da zai zubo, babu kuma abin da ya taru. Don Allah kada a kashe kuɗi wajen sayen jiƙe-jiƙen wankin mahaifa a kasuwa. Ba abin da za su wanke, kuma in an yi rashin sa'a ƙaramin ciki ya shiga ba a sani ba, suna iya yi masa illa.

Wannan batu na ƙaramin ciki a riƙe shi da kyau. Ƙwai yana fita ne kamar mako biyu kafin a ga jini. Ke nan mace na iya ɗaukar ciki tun ba ta ga al'adarta ta farko ba. In maiɗakinka ta fara jin tashin zuciya, ko kasala, ko nono ya yi mata nauyi, a yi gwajin fitsari. Ko ba alama ma, yin gwajin lokaci-lokaci ba laifi.

Ƙwaya da ashana nasu labarin gajere ne. Mai shan ƙwaya, in ta daina, tana iya ɗaukar ciki a watan farko. Jinin da za ta gani bayan kwana biyu ko uku da dainawa na janyewar magani ne, al'adar gaskiya takan daidaita cikin wata ɗaya zuwa uku. Ashana kuwa, ko mai sanda ɗaya ta shekara 3, Implanon, ko mai sanda biyu ta shekara 5, Jadelle, da zarar malamar asibiti ta cire ta, maganin yakan bar jini cikin kamar mako guda, yawancin mata kuma ƙwansu ya dawo cikin wata ɗaya. Amma sai an cire ta. Cikar wa'adinta ba ya nufin ta mutu a hannu, tana iya ci gaba da aiki bayan haka. Wadda kuma ta cire don za ta canja wata hanya, ba don neman ciki ba, ta fara sabuwar a ranar, in ba haka ba sai ta tsinci kanta da kwanika.

A ganina, duk ma'auratan da suka san nan da shekara guda za su nemi haihuwa, gara su bar allura tun yanzu su koma ƙwaya, ranar da suka shirya sai a ajiye ta.

Sai kuma lokacin zuwa asibiti. Mai ƙwaya ko ashana, in ta yi wata uku da bari ba al'ada kuma gwaji bai nuna ciki ba, ta je a duba ta. Mai allura irin maiɗakinka, in Janairu ya zagayo, shekara guda cur, ba al'ada ba ciki, ku je. In al'ada ta dawo daidai amma aka shekara ana tare ba ciki, shi ma a je, in kuma ta haura shekara 35 kada a wuce wata 6. Sau da yawa abin da ake ɗora wa magani, shekaru ne suka ja, ko ciwon sanyi ne da ba a yi maganinsa ba ya toshe hanyar ƙwai. Ciwon mara mai tsanani ko fitar ruwa mai wari ba sa jiran lissafin watanni, a tafi nan da nan. Kuma Malam, ranar zuwan kada ka tura ta ita kaɗai. Kai ma a gwada ka, domin matsalar kan fito daga wajen namiji, ko da kuwa ya taɓa haihuwa. Ku riƙe katinta na asibiti, ranar allurar ƙarshe tana rubuce a ciki, ita ce abin da za a fara tambayarku.