Oda ɗaya, ƙunshi biyu: yadda ake rubuta kuɗin mota, biya da mayar da kuɗi

 Shirin yau na masu saye da sayarwa ta waya ne, musamman ku da ke Bukkuyum, Gummi da Anka, masu yin oda daga Kano a ɗoro muku a mota. Maganar ita ce: mutum ya yi oda ɗaya, ya tura kuɗi sau ɗaya, amma kayan suka taso a ƙunshi biyu. Ɗaya ya iso, ɗaya bai iso ba. Nawa za a mayar masa? A nan ne mutanen kirki biyu ke ɓatawa, ba don wani ya yi niyyar cuta ba, sai don babu wanda ya rubuta komai.

Me ke sa oda ta rabu tun farko? Sau da yawa kayan ba a kasuwa ɗaya suke ba. Atamfa tana Kantin Kwari, takalmi da jaka suna wata kasuwar, ko kuma launin da aka zaɓa ya ƙare sai jibi. Mai sayarwa ba ya son ya riƙe wanda ya samu, sai ya tura shi, saura ya biyo baya. Ko manyan shagunan intanet irin su Jumia haka suke yi: idan kayan da ka zaɓa na 'yan kasuwa daban-daban ne, za su iya zuwa a ƙunshi daban-daban, kowanne da ranar isowarsa. Bambancin kawai su na'ura ce ke riƙe musu lissafi, mu kuwa littafi ne da biro, sai hirar WhatsApp.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. Farashin da zan faɗa na misali ne kawai, don lissafi ya fito.

Wata baiwar Allah a Bukkuyum tana haɗa kayan biki. Ta yi oda wajen wata mai sayarwa a Kano: atamfa turmi uku, kowanne naira 12,000, ya kama 36,000. Takalmi ƙafa biyu, kowanne 7,000, ya kama 14,000. Jaka ɗaya, 10,000. Jimilla 60,000. Da yake ta sayi da yawa, aka yi mata ragin 3,000, ya koma 57,000. Kuɗin mota har Bukkuyum 4,000. Ta tura 61,000 lokaci ɗaya. Atamfa ta samu a ranar, aka ɗora ta. Takalmi da jaka sai bayan kwana uku.

Abu na farko, kowane ƙunshi ya samu sunansa. Idan lambar odar 014 ce, ƙunshin atamfa ya zama 014-A, na takalmi da jaka ya zama 014-B. A rubuta wannan da maka a jikin leda, a rubuta a littafi, a tura wa mai kaya. Amfaninsa shi ne ranar da ta ce "kayana ba su zo ba", tambayar farko ita ce A ko B? Kuma ita kanta ba za ta buɗe ƙunshin farko ta ga atamfa kaɗai ta ɗauka an cuce ta ba, tunda an gaya mata tun kafin mota ta tashi.

Yanzu batun mota. Ku kun san kayan da suka taso daga Kano ba kasafai mota ɗaya ke kawo su har gida ba. Yawanci sai an sauke a Gusau, a sake ɗorawa a motar da za ta bi ta Anka ta yi yamma. Ke nan kowane ƙunshi hannu biyu yake bi, ƙunshi biyu kuma hannu huɗu ke nan. Don haka a ƙarƙashin kowane ƙunshi a rubuta kowane zango daban: ranar da aka ɗora, tashar da aka ɗora, lambar mota, lambar wayar direba, nawa aka biya shi, da kuma ko an biya ne ko sai an karɓa. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, domin yakan faru mai sayarwa ta biya a Kano, direban zango na biyu kuma ya ce sai an ba shi nasa, mai kaya ta biya sau biyu ba ta sani ba. A ɗauki hoton ƙunshin a hannun direba ko ɗan kamasho. Kuma kada a rubuta "an kai" don direba ya ce ya sauke. An ɗora daban, ya sauka a Gusau daban, mai kaya ta karɓa daban. Sai ita da bakinta ta ce ya shigo hannunta sannan a rufe layin.

To ga inda gardama take. An caji 4,000 ne da tunanin ƙunshi ɗaya. Yanzu A ya ci 4,000, B ya ci 3,000, jimilla 7,000. Wa zai biya ƙarin 3,000? Ƙa'idar da ta fi adalci ita ce wanda ya jawo rabuwar shi zai ɗauka. Idan mai sayarwa ce ta karɓi kuɗi alhali takalmin ba ya hannunta, ƙarin nata ne, ta rubuta shi a matsayin kashe kuɗin shago. Idan mai kaya ce ta ce "a turo min atamfar yanzu, tela na jira", to sai a gaya mata akwai ƙarin 3,000, ta amince a rubuce kafin a ɗora. A misalinmu mai sayarwa ce ta jawo, don haka mai kaya tana nan a kan 4,000 ɗinta. Ku lura, lambobi biyu ne a littafi: abin da mai kaya ta biya na mota, da abin da aka ba direbobi. Kada a cakuɗa su.

Sai batun biya. Alat ɗaya ne ya shigo, 61,000, kuma sau ɗaya za a rubuta shi, da rana da lambar shaidar da ke jikin rasit, ko ta OPay aka turo, ko Moniepoint, ko ta hannun mai POS. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a rubuta 61,000 a gaban A, a sake rubuta 61,000 a gaban B. Ƙarshen wata sai littafi ya nuna 122,000, asusu kuma ya nuna rabi. Abin da ya dace shi ne a raba kuɗin nan gida biyu bisa darajar kayan.

Atamfa 36,000 ce cikin 60,000, wato kashi 60 cikin ɗari. Takalmi da jaka 24,000, kashi 40. Ragin 3,000 shi ma haka zai rabu: 1,800 a kan A, 1,200 a kan B. Kuɗin mota 4,000 ma haka: 2,400 da 1,600. Ga yadda zai fito a littafi:

014-A: kaya 36,000, ragi 1,800, mota 2,400, jimilla 36,600.
014-B: kaya 24,000, ragi 1,200, mota 1,600, jimilla 24,400.

Ku haɗa 36,600 da 24,400, za ku samu 61,000 cif. Idan bai fito daidai da alat ba, akwai kuskure, a nemo shi a ranar. Wannan rabon a yi shi ranar da aka raba kayan, lokacin da kowa ke cikin raha, a tura wa mai kaya ta gani. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu a ce ƙunshin B ya ɓace tsakanin Gusau da Bukkuyum. Mai kaya za ta iya cewa a ba ta 24,000 na kaya da 4,000 na mota. Mai sayarwa kuma ta ce ai motar ta riga ta ci kuɗinta. Littafi ya riga ya raba gardama: 24,400. Wato 22,800 da ta biya na kayan bayan ragi, da 1,600 na motar da ba ta kawo mata komai ba. Kuɗin motar A ba ya dawowa, domin atamfa ta iso. Shi kuma 3,000 da aka ba direbobin B, da kuɗin kayan da suka ɓace, wannan magana ce tsakanin mai sayarwa da tasha, kuma a nan ne lambar mota da hoton nan za su yi mata rana a gaban 'yan yuniyan. Mai kaya ba za ta zauna jiran a gama wannan shari'ar kafin a ba ta kuɗinta ba, sai dai idan tun farko ita ta kawo direbanta ta ce a ba shi.

Idan kuma B ya iso, amma takalmi ƙafa ɗaya bai yi mata ba, aka yarda ta mayar? Ba 7,000 za a ba ta ba, domin ba 7,000 ta biya ba. Ragin 3,000 cikin 60,000 kashi biyar ne cikin ɗari, ke nan naira 350 ta sauka a kan takalmin. Abin mayarwa 6,650. Kuɗin motar mayar da shi Kano kuwa, idan lambar da ta faɗa aka turo, nata ne. Idan wata lambar aka turo, na mai sayarwa ne.

Akwai kuma masu ba da kafin alƙalami. A ce 40,000 ta fara turowa, saura 21,000 sai kaya sun iso. A fara cike ƙunshin da ya fara tashi: 36,600 na A, ragowar 3,400 ta zauna a kan B, ana bin ta 21,000 a kan B ɗin. Idan B ya ɓace, 3,400 kawai za a mayar mata, a soke bashin 21,000. Mai sayarwar da ba ta rubuta haka ba za ta iya tura 24,400, ta mayar da kuɗin da ba ta taɓa karɓa ba.

Shi mayar da kuɗi layinsa daban ne. Kada a goge 61,000 a rubuta sabon adadi a kai. A bar shi yadda yake, a buɗe sabon layi: rana, 014-B, adadi, dalili, lambar rasit. Wajen tura kuɗin ma a rubuta lambar ƙunshin a gurbin bayani. Sannan a kula da asusun da za a mayar wa. Da yawa daga mutanenmu ta hannun mai POS suke turo kuɗi, don haka sunan da ke jikin alat ba na mai kaya ba ne. Idan aka mayar can, an jefa kuɗin a asusun wani. A tambayi mai kaya asusun da take so, ta turo shi a rubuce daga lambar da ta yi odar.

Ta yaya za ka gane littafinka lafiya yake? Kuɗin da aka karɓa dole ya yi daidai da abu uku idan an haɗa: na kayan da suka isa, na waɗanda ke hanya, da wanda aka mayar. A misalin takalmin nan: 36,600 na A, 17,750 da ya rage na B, da 6,650 da aka mayar. Ku haɗa, 61,000 ne.

Kuma ku riƙa kwafe wannan a takarda, kada ku dogara da waya kaɗai. Ba mu manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara. Wanda lissafinsa ke cikin littafi bai rasa inda zai duba ba.

Nan za mu dakata a yau. Wanda ke da odar da ta rabu kuma lissafin ya ƙi fitowa, ya ajiye mana adadin a ƙasa ba tare da sunan kowa ba, mu warware shi tare a shiri na gaba.