Abin da ke sa tukunyar dalma yoyo a gindin kunne

Masu zubin tukwane a Panteka ta Kaduna sun san inda tukunya ke fara yoyo: gindin kunne, wato wurin da ya fi kauri. Dalilin kuwa yana cikin yadda narkakken alminiyum ke daskarewa.

Alminiyum na narkewa a digiri 660, kuma idan ya zo daskarewa yakan tsuke da kusan kashi 6 cikin 100. A ce kaurin jikin tukunya milimita 4 ne, gindin kunne kuma 12. Ninki uku a kauri na nufin kusan ninki tara a lokacin hucewa. Jiki zai riga daskarewa ya toshe hanya, kunne kuma ya tsuke babu narkakken da zai cike giɓin. Sai kogo ya samu a ciki. Alamarsa ɗan loɓawa a waje.

Maganin farko shi ne daidaita kauri ko'ina. Inda hakan ya gagara, sai a buɗe rami a yashin, saman wurin mai kauri, ya cika da narkakken ƙarfe ya riƙa shayar da shi. Dole ramin ya fi wurin kauri don ya zama na ƙarshen daskarewa. Mai rowar ƙarfe da ya tsuke shi, aikin banza ya yi.

Samfurin da ake bisawa a yashi kuma, a karkata gefensa digiri 1 zuwa 3, domin miƙaƙƙen gefe yakan kankaro yashi wajen cirewa, ɓurɓushin ya shige cikin zubi.