Ribar masu sayar wa kasuwa inshora, da ranar da take ƙonewa

A kasuwar hannun jari ta Amurka akwai wata sana'a da ta daɗe tana kawo riba, wato sayar wa masu fargabar faɗuwar kasuwa kariya. Ana ƙulla cinikin ne a kan ma'aunin S&P 500, wanda ke bin farashin manyan kamfanoni 500, ta hanyar takardar da ake kira zaɓin sayarwa. Mai saye yakan biya kuɗi tun farko, mai sayarwa kuma ya ɗauki alkawarin cike masa giɓi idan ma'aunin ya sauka ƙasa da wani adadi kafin wa'adi ya cika.

A ce ma'aunin yana kan 5,000. Wani ya sayar da zaɓi na wata guda a kan 4,750, aka biya shi maki 30. Kowane maki dala 100 ne, don haka ya karɓi dala 3,000. Muddin wata ya ƙare ma'aunin bai sauka ƙasa da 4,750 ba, kuɗin ya zama nasa. Yawancin watanni kuwa haka suke ƙarewa.

Abin da ke yanke farashin takardar shi ne girgizar da ake tsammanin kasuwa za ta yi, sama ko ƙasa. Kasuwar CBOE ta Chicago tana auna wannan tsammani da lambar VIX, wadda ta fito da ita a 1993. Idan lambar tana 16, ana sa ran kasuwa ta riƙa motsawa da kusan kashi 1 cikin 100 a rana. Tsawon shekaru matsakaicin lambar yana wajen 19 zuwa 20, amma girgizar da ta faru da gaske tana wajen 15 zuwa 16. Wannan rata ita ce ladan ɗaukar haɗarin girgiza, kuma aljihun mai sayarwa take shiga.

Me ya sa masu saye ke yarda su biya fiye da ƙima? Ba wauta ba ce. Asusun fansho da ke riƙe da tanadin dubban ma'aikata ya gwammace ya rasa kaɗan kowane wata da ya rasa kashi 30 a lokaci ɗaya. Kariyar kuma tana biya ne daidai lokacin da komai ya lalace, kuɗi ya yi wuyar samu. Masu iya tsayawa su sayar ba su da yawa, domin haɗarin ba ya rabuwa. Kamfanin inshorar motoci ya san ba duk motoci ke haɗari rana ɗaya ba, shi kuwa wannan tamkar wanda ya yi wa dukan rumfunan kasuwa ɗaya inshorar gobara ne.

Mu koma ga mutuminmu. Ranar 19 ga Oktoba 1987 ma'aunin ya faɗi da kashi 20 da ɗoriya a yini guda. Irin wannan faɗuwa za ta kai 5,000 zuwa 4,000, ya zama ana binsa maki 750, wato dala 75,000. In an cire 3,000 da ya karɓa, ribar wata 24 ta tafi. Masu cinikin girgizar kai tsaye kuma lamarinsu ya fi muni, don ana lissafinsu ne da lambar ninke da kanta. Wanda ya sayar a kan 20, aka samu 16, ya ci 400 ban da 256, wato 144. In aka samu 80, ya yi asarar 6,400 ban da 400, wato 6,000, sama da ribar wata 40.

A ganina babban haɗarin ma ba a ƙarshen wa'adi yake ba. Da kasuwa ta fara zubewa, farashin takardar yakan ninka, dillali ya nemi ƙarin kuɗin jingina nan take, in babu ya rufe cinikin a mafi munin farashi. Haka ta faru da Victor Niederhoffer, sanannen mai juya jari da ya sayar da irin waɗannan takardu masu yawa. Ranar 27 ga Oktoba 1997 kasuwa ta faɗi da kusan kashi 7, asusunsa ya ƙare. Washegari kasuwar ta farfaɗo da kusan kashi 5, amma an riga an rufe masa.

Haka kuma a 2017 kasuwa ta lafa, VIX ta zauna wajen 11, jama'a suka yi ta zuba kuɗi a XIV, takardar bankin Credit Suisse mai cin riba idan girgiza ta ragu. Ranar 5 ga Fabrairu 2018 VIX ta tashi daga 17 zuwa 37, takardar ta rasa sama da kashi 90 na darajarta, bankin ya rufe ta.

Saboda haka jerin watannin riba bai isa shaida ba, domin mai hankali da mai ganganci duk suna da shi. Abin da za a tambayi mai wannan sana'a shi ne nawa zai rage masa idan kasuwa ta faɗi da kashi 20 gobe. Masu daɗewa a cikinta sukan sayar da kaɗan gwargwadon jarinsu, ko su sayi wani zaɓin a ƙasa, misali a kan 4,500 da maki 10. Ribar wata ta ragu zuwa dala 2,000, amma asara ba za ta wuce dala 23,000 ba komai zurfin faɗuwar.